Na yi mata wasa gaban dangina, ta ce na raina ta

*Assalamu alaikum Hajiya. Shekararmu 9 da aure, muna zaune a Bauchi, 'ya'yanmu uku. Ni Babarbare ne, ita Bafulatana, kin ga wasa gadonmu ne. Tun tana amarya nake ce mata "Sarauniyar ƙauri" saboda wata masa da ta ƙona a makonmu na farko, ita kuma tana ce mini "bawan Fulani". Ranar Babbar Sallah a gidanmu, gaban mahaifiyata da ƙannena mata, na ba da labarin masar nan, na ce in ba ta gyara ba zan nemo wadda ta iya. Kowa ya yi dariya, ita ma ta yi murmushi. Da muka koma gida sai ta ce na raina ta. Na ce ashe ba ta san wasa ba. Yau kwana 20 ke nan, daga gaisuwa sai ajiye abinci. Shekaranjiya babban ɗanmu ya kira ta da sunan, ta shiga ɗaki tana kuka. Wallahi ina son matata. Ina na yi kuskure, kuma ina ne iyakar wasa tsakanin miji da mata?*

Wa alaikumus salam, Malam.

Na yarda da rantsuwarka, kuma na yarda ba da mugun nufi ka buɗe baki ba. A shekarun da na yi ina zaman sulhu tsakanin ma'aurata, da wuya na ga mai zolaya da ya san zafin zolayarsa. Masu nazarin halayyar ɗan Adam ma sun auna wannan. A 2006 Justin Kruger da abokan aikinsa sun wallafa wani bincike a Amurka inda suka tambayi masu zolaya da waɗanda aka zolaya a kan magana guda, sai suka tarar wanda aka yi wa yakan ɗauke ta da muni fiye da wanda ya yi. Dalilin a fili yake. Kai kana jin niyyarka a cikin ƙirjinka, ita kuwa kalmomin kawai suka isa kunnenta, da dariyar da ta biyo baya. Saboda haka mu ajiye batun niyya, ba a kanta ake shari'ar nan ba.

Tunda da gadon wasa ka kafa hujja, bari mu fara daga can, don dokokin da ka karya duk ka san su tun kana yaro, ba ka dai taɓa jera su ba. Dubi yadda Babarbare da Bafulatani suke yi in sun haɗu a kasuwar Wunti. Wannan ya ce "kai bawana, zo ka ɗauki kayana", wancan ya ce "yaushe bawa ya fara aiken ubangidansa?" Kowa ya yi dariya, a rabu ana musabaha. Haka Bakano da Bazazzagi, haka taubasai 'ya'yan mace da 'ya'yan namiji, har da kuɗin shara da ake bi a watan cika-ciki, haka kaka da jikanta da take kira mijinta tana ce masa ragon miji mai hana cefane. Wani Bature masanin al'adu, Radcliffe-Brown, ya yi rubutu a kan irin wannan dangantaka a 1940, ya kira ta rashin ladabin da aka ba wa izini. Kalmar izini ita ce ƙashin bayan maganar. Me ya sa ba a faɗa a wasan nan, alhali kalmar "bawa" in baƙo ya faɗa maka sai an raba ku? Na farko, kowa ya san ƙarya ce, babu wanda ya mallaki wani. Na biyu, akwai ramuwa nan take, wanda aka jefa yana da damar jefawa daidai gwargwado. Na uku, ba a taɓa ciwon gaske. Ko taubashinka ne, in matarsa ta shekara goma ba ta haihu ba, ba za ka yi masa wasa da haihuwa ba, in kuwa ka yi, manya za su ce maka wannan ya wuce wasa.

Yanzu ɗauki maganganunku biyu ka ɗora a kan wannan ma'auni. In ta ce maka "bawan Fulani", me zai same ka? Ba za ta iya kai ka kasuwa ta sayar ba. Magana ce wadda ba ta da haƙora. "Sarauniyar ƙauri" ma, a cikin ɗakinku, in dai yanzu ta iya girki kuma ku biyun kun san ta iya, ita ma ƙarya ce mai daɗi, tuna amarci ce. Amma "zan nemo wadda ta iya" fa? Wannan abu ne da kake da ikon yi gobe da safe, ba tare da ka nemi sa hannunta ba. Wataƙila ta ga an yi wa yayarta, ta ga an yi wa maƙwabciyarta, kuma ta san da yawa da wasa suka fara sanar da shi. Kai ka ji kanka kana raha, ita ta ji mai riƙe da wuƙa yana wasa da ita kusa da wuyanta. Wannan shi ne babban bambancin wasan miji da mata da wasan taubasai. Taubasai kafaɗarsu ɗaya. A gidan aure irin namu kuwa igiya tana hannun miji, cefane galibi daga aljihunsa yake fita, gidan nasa ne ko na iyayensa. Duk wanda ya fi ƙarfi a cikin dangantaka, filin wasansa ya fi ƙunci, don abubuwa da yawa da zai ambata da wasa yana iya aikata su da gaske.

Sai mu koma falon mahaifiyarka, mu zauna inda ta zauna. Ina iya hango ta: a kan tabarma ko bakin kujera, mayafi a ka, ƙila da ƙaramin yaro a cinya, ta wuni tana aikin naman layya tare da ƙannen naka. Surukarta tana zaune. Bafulatana ce, kai ka faɗa, kuma ka fi ni sanin kunyar da aka raine ta a kanta: gaban uwar miji ko sunanka ba za ta kama ba, ko abinci ba za ta ci da sakewa ba. Ka jefo maganar. A ɗakinku da tuni ta rama, ta ce "to bawa, wa zai ba ka 'yarsa?" ku yi dariya. A nan fa? In ta rama, gobe a ce ba ta da kunya, tana mayar wa miji magana gaban uwarsa. In ta ɓata rai, a ce ta cika fushi, daga wasa. In ta tashi ta fita, wannan kuma ya zama labarin da za a shekara ana yi. Ƙofa ɗaya ka bar mata a buɗe, ita ce murmushi, ta kuwa bi ta nan. Ka yi wasan ramuwa a wurin da ka san ba ta da bakin ramawa. Kuma masu dariyar su wane ne? Ƙannen miji mata, waɗanda a gidaje da yawa su ne alƙalan girkin matar wa ko ba a naɗa su ba. Ko da tsakaninsu lafiya lau ne, ka miƙa musu suna da labari da za su iya ɗagowa duk ranar da aka saɓa.

Akwai wani abu a cikin labarin tseren Manzon Allah (SAW) da Nana A'isha da masu wa'azi kan wuce shi da sauri. Kowa ya san sun yi tsere a wata tafiya ta tsere masa, bayan shekaru da jikinta ya yi nauyi suka sake ya tsere mata, yana dariya yana cewa wannan ramuwar waccan ce. A ruwayar Imamu Ahmad, kafin su fara sai da ya ce wa sahabbai su yi gaba. Wato sai da ya sallami 'yan kallo. Ga ramuwa a ciki, ga kuma sirri.

Murmushin nan da ka kafa hujja da shi, ina so ka koyi karanta shi, don zai yi maka amfani har tsufa. Dariyar gaske tana kaiwa ido, gefen ido ya tattare, kafaɗa ta saki, kuma mai ita yakan kalle ka. Sau da yawa takan ƙara wani abu a kan maganar, ta ce "ai har tandar sai da aka jiƙa kwana biyu". Yaƙe kuwa a leɓe yake tsayawa. Ido yana ƙasa, hannu ya sami abin yi, a gyara mayafi, a goge wa yaro bakin da ba abin da ya taɓa shi, a tattara kwanukan da ba a gama da su ba. Bayan nan sai shiru, a mota ko a Keke Napep har gida ba ta ce uffan ba. Ka tuna daren nan da kyau, ina kyautata zaton haka aka yi. Labarin zuciya a tambayi fuska, amma sai an kalli fuskar, kai kuwa a lokacin masu dariya kake kallo.

Duk wannan da na lissafa kuskure ne, amma bai kai raini ba tukuna. Wasa ne da ya zame, kuma babu gidan da ba a yi. Inda ka taka iyakar da kake tambaya a kai shi ne bayan kun koma gida. Ta tara ƙarfin hali ta ce maka abin ya yi mata ciwo, ka ce ba ta san wasa ba. Ka duba abin da jimlar nan take ɗauke da shi. Tana cewa ciwon da kika ji ba ciwo ba ne, ni ne mai yanke abin da ya kamata ya dame ki, kuma bayan abin da aka yi miki ga wani sabon aibi na ƙara miki, rashin sanin wasa. Mace da ta shekara 9 tana ce maka bawan Fulani, ita ce yau ba ta san wasa ba? In da a daren ka ce "subhanallahi, ban lura ba, yi haƙuri", da wasiƙar nan ba ta zo gare ni ba. Ni a wurina nan ne ma'aunin da ya fi kowanne aiki: ba a gane zolaya ta ƙauna daga kalmominta, ana gane ta daga abin da mai yin ta ya yi lokacin da aka ce masa "ban ji daɗi ba". Mai wasa don a ji daɗi tare, in ya ga abokin wasan ba ya jin daɗi, wasan ya ƙare masa, don abin da yake nema ya ɓace. Wanda ya ci gaba, ko ya juya laifin, ya nuna dariyar tasa ce shi kaɗai, kuma matar ta zama abin da ake dariyar da shi.

Ba don in tsorata ka nake jan wannan ba, sai don raini ba ƙaramin ciwo ba ne a aure. John Gottman, wani masani a Jami'ar Washington da ke Seattle, ya shafe shekaru yana ɗaukar ma'aurata a bidiyo suna tattauna saɓaninsu, yana auna har bugun zuciyarsu, sannan ya bi su shekaru ya ga su wa suka rabu. Ya ware halaye huɗu masu rusa aure: sukar mutum kansa maimakon abin da ya yi, kare kai, yin gum a ƙi magana, da raini. A cikin huɗun ya ce raini ne ya fi nuna auren da zai mutu. Fushi bai kai shi ba, don mai fushi da kai har yanzu yana ɗaukarka a bakin wani abu. Mai raini daga sama yake kallonka. Alamomin raini kuwa duk muna da sunayensu tun kafin a haife shi: tsaki, taɓe baki, harara, kallon sama da ƙasa, kwaikwayon muryar mutum, gatse, da ba'a. Kwaikwayon murya na fi tsana a cikinsu. Duk mijin da matarsa za ta kawo kuka ya maimaita maganarta da siririyar murya yana langaɓe kai, ko matar da za ta yi wa miji haka, na san aikin da ke gabana ba na zama ɗaya ba ne.

Alƙur'ani ya riga ya haɗa waɗannan a aya ɗaya, ta 11 a Suratul Hujurat: kada wasu su yi izgili ga wasu, kada ku aibata juna, kada ku jefi juna da miyagun laƙabobi. Ba a cire miji da mata daga ciki ba. Malamai sun bambance laƙabin da mai shi yake so da wanda yake ƙi, kuma Manzon Allah da kansa yakan taƙaita sunan Nana A'isha ya ce "Ya A'ish". Abin lura shi ne mai sunan ke da hukunci a kan sunan. Shekara 9 tana karɓarsa, halal ne a gare ka. Ranar da ta ƙi shi ya tashi daga laƙabin so, ko da harafi ɗaya bai canza ba. Ka kuma tuna lokacin da Nana A'isha ta yi nuni da gajartar Nana Safiyya, Manzon Allah ya ce mata lallai ta faɗi kalmar da in an gauraya ta da ruwan teku za ta gurɓata shi. Gajarta ce kawai, kuma gaskiya ce. Kasancewar abu gaskiya shi ke ƙara masa dafi a wasa.

Wannan ya kawo ni tambayar da ba ka yi ba, wadda nake so ka yi wa kanka kai kaɗai. Hausawa sun ce da wasa ake faɗa wa wawa gaskiya, kuma mata sun san karin maganar nan sarai. In miji ya maimaita wasa ɗaya shekara da shekaru, mace takan fara tambayar kanta ko saƙo ne ake aiko mata a naɗe. To, akwai saƙon? Akwai abin da yake damunka a girkinta, ko a tsaftar gida, ko a shimfiɗa, da ka kasa faɗa kai tsaye? Batun ƙarin aure yana ranka? In amsar a'a ce, alhamdu lillahi, aikinka ya yi sauƙi. In e ce, to zolayar ta zama habaici, kuma habaici ya fi faɗa muni, don wanda aka yi wa ba shi da inda zai kama. In ta amsa saƙon ka ce wasa kake, in ta yi shiru saƙon ya isa.

Na taɓa zama da wasu ma'aurata, shi ɗan kasuwa ne mai shagon kayan masarufi, ita ta tsaya a aji uku na sakandare aka yi mata aure. Sunan da yake kiranta da shi "Farfesa". Da fari ita ma dariya take yi, don ya samo asali ne daga ranar da ta gyara masa lissafin bashin wani mai saye. Da shekaru suka tafi, sai sunan ya koma fitowa a wuri ɗaya tak: duk lokacin da ta ba da shawara. Ta ce a canza wa yaro makaranta, ya ce "to, Farfesa ta yi magana". Ta ce kada ya ba ƙaninsa jari karo na uku, ya ce "a tafa wa Farfesa". Da suka zo gabana ya rantse shi bai taɓa zaginta ba, kuma gaskiya ya faɗa. Na ce ya kawo mini lokaci ɗaya a shekarar nan da ya kira ta Farfesa suna cikin nishaɗi. Ya yi shiru yana juya hularsa a hannu. Ita kuwa ta ce, "Hajiya, ni yanzu ko gobara na gani a shagonsa sai na yi tunani kafin in faɗa." Sunan bai canza ba, aikinsa ne ya canza, ya zama murfin da ake rufe mata baki da shi. Shi ya sa nake ce wa mutane su lura da lokacin da wasa yake fitowa. Wanda yake zuwa ana shan shayi da safe daban, wanda yake zuwa daidai lokacin da ɗaya ya kawo magana mai nauyi daban.

Kada mata masu karatu su ɗauka na wanke su. Na ga matar da take kiran mijinta "Alhaji" da wani irin jan murya tun da kasuwa ta karye masa, na ga mai cewa "ai maigidan namu sai a hankali" gaban ƙawayenta a gidan biki ana shewa. Wurin ciwon namiji galibi samu ne da kuma shimfiɗa, wurin ciwon mace haihuwa, jiki bayan haihuwa, kishiya, da gidan iyayenta. Kowa ya san inda na abokin zamansa yake, don shi aka buɗe wa.

To, me za ka yi? Ka fara da ita, a daren yau in ya yiwu, bayan yara sun yi barci, a ɗakinta, waya a ajiye. Kada ka shiga da raha don ka sassauta wurin, na san hannunka zai yi ƙaiƙayi. Kada kuma ka aiko da tsire ko atamfa su yi maka magana, kyauta ta biyo bayan baki. Ka ambaci laifin da sunansa, kashi biyu: "Abin da na faɗa gaban su Hajiya ranar Sallah ban kyauta ba, na sa ki a inda ba ki da bakin magana. Da kika gaya mini kuma na ce ba ki san wasa ba, wannan ya fi na farkon muni. Ki yafe mini." Ka tsaya nan. Kalmar "amma" kada ta fito, haka "in ranki ya ɓaci", haka "ai kin san halina". Duk ukun suna kwashe haƙurin da aka bayar su mayar da laifin gare ta.

Daga nan ka shirya jin abin da ba ka zata ba. Mace ba ta cika yin kwana 20 a kan magana ɗaya ba. Mai yiwuwa ta jero maka wasu lokuta biyar ko shida, wasu ka manta da su sam, ranar suna, ranar da abokanka suka zo cin abinci. Za ka ji kamar an tara maka ne ana jira. Ba tarko ba ne, abin da ta haɗiye ne saboda kowanne shi kaɗai ya yi ƙanƙanta a yi magana a kansa. Kada ka gyara mata kwanan wata, kada ka ce ba haka aka yi ba. In ka ji ƙirjinka ya ɗau zafi, zuciya tana bugawa, ka ce mata za ka yi alwala ka dawo, kuma ka dawo ɗin. Gottman ya lura cewa in bugun zuciya ya haura kamar 100 a minti, mutum ba ya iya sauraro da kyau, kuma jiki yana bukatar aƙalla minti 20 kafin ya sauka. Sai ka yi mata tambaya ɗaya: a cikin wasannin da nake miki, wanne kike so in bari har abada? Abin da ta ambata ya mutu daga ranar, ba a tono shi ko da shekara ta zagayo.

Batun nemo wata kuwa, ka ba ta amsa a fili ko ba ta tambaya ba, don shi ne yake hana ta barci. In ba ka da niyya, ka ce ba ka da ita. In kana da ita, kada ka rantse a kan ƙarya don a shirya yau, wannan zama ne na daban da za a yi da mutunci. Kuma ka cire aure da saki daga kayan wasanka gaba ɗaya. Hadisi ya zo a Abu Dawud da Tirmizi cewa abubuwa uku gaskensu gaske ne, wasansu ma gaske ne: aure, saki, da kome. Na ga wanda ya ce "na sake ki" yana dariya a kan gishiri ya yi yawa a miya, washegari yana zaune gaban malami yana zufa.

Yaronka shi ne shaidar da ta fi kowacce ƙarfi cewa sunan ya fita daga ɗaki. Kukan da ta yi shekaranjiya na ganin inda abin ya kai ne: ɗan da ta haifa ya koyi cewa uwarsa abar dariya ce, kuma a bakin ubansa ya koya. Kada ka dake shi, bai yi komai ba sai kwaikwayo. Ka kira shi gabanta ka ce, "Sunan nan da kake ji ina faɗa, ni na yi kuskure, na daina, kai ma kada in sake ji. Ba wa Ummanku haƙuri." Yaro ya ji ubansa ya ce "na yi kuskure" ba zai rage maka kwarjini ba, kuma ita wannan zai fi shiga ranta fiye da duk abin da za ka faɗa a ɗaki.

Saura gidanku. Abin da aka ɓata gaban mutane ba ya gama gyaruwa a ɓoye, amma kada ka je ka tara su ka ce matata ta yi fushi, ku daina. Wannan zai sa a ce ta kai ƙarar dangin miji, ka ƙara mata wani nauyin. Hanya mai sauƙi ita ce, zuwa na gaba, ka yabi girkinta gaban mahaifiyarka da gaske, ba da sigar zolaya ba, ka ce ita ta yi wannan miyar. In wata ƙanwarka ta ɗago sunan, kai za ka tare, da fuska a sake amma ba da dariya ba: "A'a, an bar wannan, yayarku ce." Sau ɗaya ko biyu ya isa, za su gane.

In ka yi duk wannan, mako biyu ko uku suka wuce ba ta sauko ba, ko ta fara maganar zuwa gida, to akwai abin da ya fi labarin masar ranar Sallah zurfi. A nan sai a nemi mutum ɗaya da ita ta yarda da shi, gwaggonta ko wata malama da take girmamawa, ba taron dangi ba, kuma ba daga ɓangarenka ba.

Ban ce ka zama mai ɗaure fuska ba. Gidan da ba a tsokanar juna shi ma yana ba ni tsoro, sau da yawa zaman doya da manja ake yi a ciki. Amma a 'yan makonnin nan ka ajiye naka, in za ka yi wasa ka yi a kan kanka, a kan tumbinka ko yadda kake ɓata hanya in kana tuƙi. Ka bar ta ita ta buɗe ƙofar. Wata rana, ƙila kana neman makullin mota da yake cikin aljihunka, za ka ji daga kicin an ce "oh, bawan Fulani, ko makulli sai uwargijiyarsa ta nemo masa." In ta faɗa, ka yi dariya, ka ce "ranki ya daɗe", kuma ranar nan kada ka rama.